Re: Wa zai yanke hukunci in aiki ya haɗa sassa uku?

"Mu uku muke kan sauya manhajar biyan albashi: sashen kuɗi, sashen ma'aikata da masu kwamfuta. Kowa yana jiran kowa. Jadawalin RACI zai taimaka?"

RACI jadawali ne da ke nuna rawar kowa a kowane aiki da haruffa huɗu: R, A, C da I. Zai taimaka, ɗan'uwa, muddin kun riƙe ƙa'ida ɗaya: kowane layi A ɗaya tak. A shi ne mai alhakin ƙarshe, wanda in abu ya lalace shi za a tambaya. R mai yin aikin da hannunsa. C ana neman shawararsa kafin a yanke, I kuwa sanar da shi ake yi bayan an gama.

Ku jera ayyukan a gefen hagu, muƙamai a sama. Ɗauki layin "ranar komawa sabuwar manhaja". Shugaban kuɗi ne A, tunda in albashi ya makara ƙofarsa za a buga. Masu kwamfuta R. Sashen ma'aikata C, domin su suka san wanda aka ɗauka da wanda ya bar aiki a watan. Sauran ma'aikata I.

Inda muka sha wuya a wurinmu shi ne C. Don kada ran kowa ya ɓaci muka sa mutum shida, kowannensu kuma ya ɗauka sai da amincewarsa za a motsa. Takarda ta yi mako uku tana yawo daga tebur zuwa tebur. Sai da muka rage su zuwa biyu, muka rubuta a ƙasa cewa mai C yana da kwana uku ya faɗi ra'ayinsa, in ya yi shiru mai A ya ci gaba.

Kada ka cika jadawalin kai kaɗai ka tura. Ku zauna tare, ka karanta kowane layi da ƙarfi, mai A ya amsa da bakinsa.