Bin na gaba da gwajin Milgram

"Kawu, an karantar da mu gwajin Milgram, malamin ya ce duk wanda ya saba da biyayya zai iya kisa in an ce ya yi. To mu da aka raine mu da bin na gaba bin Allah fa?"

Ɗana, malaminka rabin zancen ya ba ku. A 1961 ne a jami'ar Yale ta Amurka masanin halayyar ɗan Adam Stanley Milgram ya ɗauko maza 40, kowa aka zaunar da shi gaban na'ura mai maɓallai 30, daga volt 15 har 450, aka ce ga ɗalibi can a wani ɗaki, duk amsar da ya kuskure ka jona masa lantarki kuma ka ƙara ƙarfi, alhali ɗalibin ɗan wasa ne, ba wutar da ke taɓa shi. Mutum 26 suka kai maɓallin ƙarshe, wasu gumi na karyo musu suna cizon leɓe amma hannu bai tsaya ba.

To amma ai ba sau ɗaya ya yi ba, nan nake so ka natsu. Da mai ba da umarnin ya fita sai ta waya yake magana, masu kaiwa ƙarshe suka dawo kusan ɗaya cikin biyar. Da aka zaunar da wasu biyu kusa da mutum suka ce su kam sun daina, 4 kacal cikin 40 suka ƙarasa. Irin mutanen ne dai, garin ɗaya, zaman kawai aka canza. Ka ga ashe wanda ke tsaye a kanka da wanda ke gefenka suna da nauyi sosai, ba tarbiyya kaɗai ba.

Masu bincike na baya kuma suka sake dubawa. Gina Perry ta saurari kasakasan da aka ajiye a Yale, ta ji mai umarnin yana wuce kalaman da aka tsara masa yana ta matsa wa mutane, wasu ma sun yi zargin duk shiri ne. Jerry Burger ya maimaita gwajin, ya tsaya a volt 150 don kar a wahalar da mutane, ya buga a 2009, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne duk wanda aka kai ga ce masa "ba ka da zaɓi, dole ka ci gaba" tirjewa ya yi. Shi ya sa wasu masana biyu, Haslam da Reicher, suka ce ba biyayyar makanta ba ce, mutanen sun yarda ne cewa ilimi suke yi wa hidima. Wallahi wannan ya fi ba ni tsoro.

Mu kuwa wanda ya ce maka bin na gaba bin Allah, shi ya koya maka babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Ka gaida babba, ka rusuna, ka je aikensa. Ranar da ya ce cutar da wancan don alheri ne, ka ce Baba ka yi haƙuri ba zan iya ba, kuma ka faɗa a gaban mutane, don na gefenka ma jira yake wani ya fara.