Wace manhaja zan sa a waya don haɗa bidiyon tallar abaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon abaya da turare a Jidda, kuma yawancin masu sayen kayana a sitatus ɗin WhatsApp suke gani, wasu a nan, wasu a Kano. Wayata Samsung ce matsakaiciya. Manhajar da nake amfani da ita tana manna tambarinta a kan bidiyon, kuma idan na ɗora sai ya dushe, baƙar abaya ta koma kamar ruwan toka. Wace manhaja ce ta kyauta za ta yi mini? Ko sai na sauya waya? (Daga wata mai shago, Jidda)

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Riyal ɗinki ki bar su a jaka, wayar nan ta isa. Ki sauke VN, wadda a Play Store za ki gan ta da sunan VN Video Editor. Na zaɓe ta ne saboda tana fitar da bidiyo babu tambari a tsarinta na kyauta, kuma tana barin mutum ya saita nauyin bidiyon da hannunsa, abin da za mu yi amfani da shi nan gaba kaɗan.

Na san CapCut ce a bakin kowa, kuma ba ƙarya ba ce, ta fi kayan ado yawa. Sai dai tana da tarko ga mai shago. Da yawa daga cikin kayan adonta suna ɗauke da alamar Pro, kuma takan bar ki ki sa su, ki gama aiki, sai a wajen fitarwa ta ce ki biya ko ki cire. Idan ita hannunki ya saba da ita, ki ci gaba, amma duk abin da kika ga Pro a jikinsa ki tsallake shi, sannan ki taɓa ɗan guntun da ke ƙarshen bidiyon mai ɗauke da sunanta ki danna Delete. InShot tana da sauƙi, tambarinta yakan fita idan kin yarda kin kalli talla. KineMaster kuwa tambarinta ba ya fita sai da kuɗi, don haka ba ta cikin lissafinmu.

Batun ruwan tokan nan shi ya fi damuna, domin shi ne zai iya jawo miki rigima da mai saye, kuma ba daga manhaja yake ba. Kyamarar waya idan ta ga baƙin abu ya cika mata ido sai ta ɗauka wurin duhu ne, ta ƙara haske da kanta. Da ta ƙara, baƙin ya wanke, duwatsun da ke hannun riga su zama farin tabo. Maganinsa a wajen ɗauka yake. Ki ɗora yatsa a kan abayar a fuskar wayar ki riƙe har alamar kwado ta fito, wato hasken ya tsaya wuri ɗaya, sannan ki ja ɗan layin hasken ƙasa kaɗan har baƙin da ke waya ya yi daidai da wanda ke gabanki. Ki rataye abayar a jikin bango mai haske, kusa da ƙofa, hasken waje yana faɗo mata daga gefe, saboda ta gefe ne lafiyar yadi da aikin zare suke fitowa. Da hantsi ko bayan La'asar ya fi. Ranar Jidda ta tsaka tana ƙona launi.

Idan dole sai da fitilar shago, ki ɗauka a 30fps, wato hoto 30 a kowace daƙiƙa. Wutar Saudiyya 60Hz ce, ba 50Hz irin ta Najeriya ba, kuma 30 tana tafiya daidai da ita. In kin ga wasu layuka suna gangarowa a hoton, fitilar ce da kyamarar ba su jitu ba, ki matsa bakin ƙofa.

Mu haɗa talla guda ta daƙiƙa 20 ki gani. Ki goge gilashin kyamara da gefen mayafi, ki riƙe wayar a tsaye, ki ɗauki guntaye huɗu, kowanne kamar daƙiƙa 8 don a samu abin yankewa: abayar gaba ɗaya daga sama har ƙasa, aikin hannu daga kusa, hannunki yana murza yadin, sai bayanta tare da mayafin. Kada ki jawo hoto da yatsu, ki taka ki matsa. A cikin VN ki buɗe sabon aiki, ki zaɓi guntayen, ki saita girman a 9:16. Kowane guntu ki datse farkonsa da ƙarshensa, inda hannu ya yi rawa, ya rage daƙiƙa 5. Wanda ya fi kyau shi za ki sa a gaba, ko da na kusa ne, don mai duba sitatus yatsansa na kan tafiya.

Ki kashe sautin guntayen duka, kada ƙarar na'urar sanyi da cinikin maƙwabta su shiga, sannan ki naɗi muryarki a kai: sunan yadin, tsayin da ake da shi, ko 54 ne ko 56 ko 58, farashi, da yadda ake aikawa. Muryar ta fi kiɗa amfani. Yawancin waƙoƙin da ke cikin irin waɗannan manhajoji ba a ba da izinin yin tallar kasuwanci da su ba, kuma Instagram na iya kashe sautin bidiyon idan ta gano. Matatun launi kuwa, waɗanda ke ƙarƙashin Filter, ki bar su inda suke. Wadda ta ga ruwan ƙasa a waya, aka kai mata ruwan goro Kano, ke za ta kira.

Rubutu layi biyu ya isa, farashi da lambar waya, kuma a tsakiya, don sama da ƙasa WhatsApp da Instagram suna rufe su da nasu rubutun. Ki duba abu ɗaya kafin ki fitar: wasu salon haruffan ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai su bar ɗan akwati a gurbinsu, wasu kuma su wargaza Larabci harafi-harafi. In kin ga haka, ki koma salon farko da manhajar ta zo da shi.

Yanzu dushewar. WhatsApp tana matse duk bidiyon da aka ɗora a sitatus, babu manhajar da za ta hana ta. Abin da ke hannunki shi ne ki ba ta mai tsabta, sau ɗaya. A wajen Export ki zaɓi 1080p da 30fps, nauyin kuma, wato Bitrate, kusan 8 Mbps. Daƙiƙa 20 a haka za ta ba ki kimanin 20MB. Fitarwa a 4K ɓata lokaci ne, wayar ta yi zafi, WhatsApp kuma ta sake murƙushe shi. Kuskuren da na fi gani a wajen 'yan kasuwarmu shi ne yaron shago ya ɗauka, ya turo ta WhatsApp, uwar ɗaki ta gyara ta sake ɗorawa, an matse shi sau biyu ke nan. Idan a wata wayar aka ɗauka, a turo miki ta Quick Share ko a matsayin Document.

In kin ji VN tana sarƙewa, ki duba ma'ajiyar wayar, ki tabbatar akwai sarari kamar 5GB, ki rufe sauran manhajoji kafin ki fitar. Sannan lokacin ɗauka ki kula kada fuskar mai saye ko mai wucewa ta shiga. A Saudiyya ɗaukar mutum a yaɗa ba da izininsa ba laifi ne da dokar laifukan intanet ta 2007 take hukuntawa. Ki jira shago ya yi sarari, ko ki juya ma'ajin rataya ya fuskanci bango.