Tunatarwa kafin wa'azin kai tsaye

"Za mu haska wa'azi kai tsaye a Facebook daga Gombe ranar Asabar ƙarfe 8:30 na dare. Yaushe zan saka tunatarwa?"

Malam, ka tsara biyu a Meta Business Suite, manhajar da ke fitar da rubutu a Facebook a lokacin da ka zaɓa: ta Juma'a da dare, da ta Asabar ƙarfe 7:30, bayan Magariba, don mai sayen data ya samu ya saya. Ka rubuta rana da lokaci ƙarara, domin Facebook kan nuna wa wasu rubutu washegari, sai "gobe" ta ruɗe su.

Amma ta lokacin farawa, don Allah kada ka tsara ta. Idan janareta ya ƙi tashi, za ta fita ta ce an fara, mutane su shigo su tarar babu komai. Ka rubuta ka ajiye, sai hoto da murya sun fito a wayar wani, sannan ka saka mahaɗin bidiyon ka tura.