Tsofaffin tambayoyin JAMB: hadda ko gane salo?

"Na haddace amsoshin lissafi na shekara biyar, amma da an canza lambobi sai in rikice. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, rufe shafin amsoshin nan tukuna. Ɗauko takardun shekara biyar ɗin, ka rubuta sunan darasi a gefen kowace tambaya da fensir, sannan ka ƙirga. Nan za ka ga darussan da ba sa fashi.

Ɗauki riba misali. An sayi kaya naira 400, an sayar 500, riba kashi 25 cikin ɗari. Wata shekara sai su juya ta: an sayar 500 da ribar kashi 25, nawa aka saya? Mai gaggawa zai cire kashi 25 daga 500 ya samu 375, kuma sau da yawa irin wannan amsar tana cikin zaɓin, tana jiransa. Daidai shi ne 500 ÷ 1.25 = 400, domin a kan kuɗin saye ake lissafa riba. Ni a ganina, tambaya ɗaya da ka juya da kanka haka ta fi ashirin da ka haddace.

Littattafan kasuwa ma kan yi kuskuren amsa. In ka warware sau biyu taka ta saɓa da tasu, kai wa malamin lissafinku ya duba.