Idan ido ma yana bin nazariyya, me ya rage wa Popper?

"Ni ɗalibi ne a Yamai. An koya mana cewa a wurin Popper, masanin falsafar kimiyya, kimiyya ita ce maganar da gwaji zai iya ƙaryatawa. Wani ya ce ai gwajin kansa bai tsira daga nazariyya ba. Ke nan ma'aunin ya rushe?"

Ɗan'uwa, ya girgiza dai, amma bai faɗi ba. Mai duba da ya ce maka "akwai alheri a gabanka" ya toshe kowace ƙofa, duk abin da ya same ka ya gaskata shi. Einstein kuwa ya ce babu abin da zai fi haske gudu. Wannan magana ta miƙa wuyanta, awo ɗaya zai iya kayar da ita.

A 2011 masu gwajin OPERA a Italiya suka auna niyutirino, wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, da aka harbo daga cibiyar binciken kimiyya ta CERN, tafiyar kilomita wajen 730, suka ga sun riga haske isowa da nanosakan 60, wato kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa ɗaya. To, wa ya gani da ido? Babu. Lamba ce ta fito daga agogo, tauraron GPS da wayoyi, kuma kowannensu sai ka yarda da wata nazariyya kafin ka karanta shi. Shi ya sa masana ba su yi gaggawar jefar da Einstein ba. A 2012 aka gano wata wayar haske a kayan awon da ba a ɗaure da kyau ba, ita ta jawo kuskuren.

Nan mai sukar yake da gaskiya: awo ya saɓa, bai faɗa maka wanda ya yi kuskure ba. Sai dai ita ma wayar ana iya bincikarta daban, kuma wasu masana sun sake awon da nasu kayan, gudun bai wuce na haske ba. Popper da kansa ya yarda cewa sakamakon gwaji ma ana iya sake gwada shi.