Kamfani yana nuna riba, amma zai iya biyan bashinsa?

Tambaya: "Kamfanin da nake son sayen hannun jarinsa ya nuna riba, kuma kadarorinsa na kusa sun ninka bashinsa na kusa sau biyu. Wannan ya isa in saki jiki?"

Amsa: Bai isa ba, Malam, sai ka duba abin da ke cikin kadarorin nan. A ce kadarorin da ake sa ran za su zama kuɗi cikin shekara guda sun kai miliyan 200, bashin da za a biya cikin shekarar kuma miliyan 100. Ga ninki biyun da ka gani. To amma idan miliyan 120 haja ce a sito, 60 bashin da kamfanin yake bin masu sayen kayansa, 20 kaɗai tsabar kuɗi, magana ta canza. Cire hajar ka raba 80 da 100, za ka sami 0.8. Wato idan kaya suka ƙi tafiya, abin da ke hannu ba zai rufe bashin ba. Hajar da ta daɗe kuwa sau da yawa sai an karya mata farashi take fita.

Ni wancan miliyan 60 ɗin ya fi damuna, domin ana rubuta riba tun ranar da aka sayar, ko kuɗi bai shigo ba. Raba 60 da cinikin shekara, a ce miliyan 360, ka ninka da 365. Kusan kwana 61 ke nan kafin masu saye su biya. Nemo rahoton bara ka yi wannan lissafin. Idan kwana 40 ne a lokacin, wataƙila kamfanin yana ba da kaya bashi ga waɗanda ba sa biya da wuri don ciniki ya kumbura. Shafin shige da ficen kuɗi zai tabbatar maka: riba tana hawa, kuɗin da harkar ke kawowa yana raguwa.

Sai nauyin bashi. A ce ribar kafin a cire kuɗin ruwa da haraji miliyan 36 ce, kashi 10 cikin ɗari na ciniki, kuɗin ruwa kuma 24. Ribar ta rufe ruwan sau ɗaya da rabi kacal. Da ta ragu da kashi ɗaya bisa uku, masu hannun jari ba su da ko sisi.

Kada dai ka yanke hukunci da 0.8 ɗin shi kaɗai. Manyan kantunan da ke sayarwa kuɗi hannu, hajarsu na juyawa cikin makonni, sukan zauna ƙasa da 1 lafiya lau. Masana'antar da kayanta ke yin watanni a sito ba za ta jure haka ba. Kwatanta kamfanin da takwarorinsa masu sana'a ɗaya, sannan da alƙalumansa na shekaru uku zuwa biyar da suka wuce.