Re: Katina bai biya kuɗin Google One ba

"Katina ya ƙi biyan kuɗin wata na Google One. Za su goge mini hotuna ne?"

Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, ba a ranar ake rufewa ba. Da farko za su turo maka imel, su riƙa sake gwada cirar kuɗin na 'yan kwanaki. In shiru, sai su mayar da kai kan 15GB na kyauta. A nan matsalar take: in kayanka sun kai 60GB, hotunan suna nan, amma ba ka iya ɗora sabo, Gmail ma ya daina karɓar saƙo. Gogewa kuwa sai ka shekara 2 a haka. Duba katin tukuna, sau da yawa wa'adinsa ne ya ƙare.